Yadda mai albashi da sana'ar gefe zai ƙiyasta harajinsa tun tsakiyar shekara

"Ni ma'aikaciya ce, duk wata ana cire mini haraji kafin albashi ya shigo. Idan na tashi daga aiki ina yi wa kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane zanen talla suna biyana. Bara abin da aka ce in cika ya kusa ninka abin da na zata. Yanzu wata shida sun wuce a bana. Yaya zan yi in san abin da za a bi ni tun kafin lokacin ya zo?"

Malama, inda lissafin ya fi karkacewa wuri ɗaya ne. Ma'aikatarku tana cire miki haraji ne kamar albashin nan shi kaɗai kike samu a duniya, domin shi kaɗai ta sani. Hukumar haraji kuwa, a yawancin ƙasashe, haɗa albashi da ribar sana'a take yi su zama kuɗin shiga guda, sannan ta ɗora harajin a kan jimlar. Harajin mutum kuma hawa-hawa ne: kason farko na kuɗin shiga ba a taɓa shi ko a cire kaɗan, na gaba a cire fiye da haka, na sama a cire mafi yawa. Albashinki ya riga ya cinye matakan ƙasa masu sauƙi. Ribar zanen tana farawa ne daga inda albashi ya tsaya, saboda haka tun kuɗinta na farko a mataki mai tsada yake faɗawa.

Abin da na fi gani a wannan aiki shi ne mutum ya duba takardar albashinsa, ya ga an cire kamar kashi 12 cikin 100, sai ya ware kashi 12 daga kuɗin sana'a ya kwantar da hankalinsa. Wannan 12 ɗin matsakaici ne, domin a cikinsa har da kason da ba a cire wa komai ba. Adadin da ya shafe ki shi ne na matakin da albashinki ya ƙare a ciki, da na matakin da ke sama da shi idan riba ta tura ki can.

Abin da za ki tattaro kafin ki fara

Ki ɗauko takardar albashi ta watan shida. Yawancinsu suna da layin da ke nuna jimlar abin da aka biya da jimlar harajin da aka cire tun farkon shekara. Idan babu, ki tara na wata shidan da kanki. Lambobi uku kike nema a jikinta: albashi kafin a cire komai, abubuwan da doka ta yarda a cire kafin haraji kamar kuɗin fansho, da harajin da aka riga aka cire. Kada ki yi aiki da kuɗin da ya shiga asusunki, domin an riga an zare bashi da adashin ma'aikata da makamantansu daga ciki, kuma waɗannan ba sa rage haraji.

Sai bayanan asusun banki na wata shidan, da takardun neman biya da kika tura wa abokan ciniki, da rasit na abin da kika kashe domin sana'ar. A ƙarshe ki nemo jadawalin matakan haraji na wannan shekarar daga hukumar harajin ƙasarku ita kanta. Na bana nake nufi, saboda gwamnatoci suna sauya matakan da rangwamen, kuma jadawalin da mutane ke yaɗawa a tsakaninsu sau da yawa tsoho ne. Ki kuma tabbatar da ranar da shekarar haraji take farawa a wurinku. A ƙasashe da yawa Janairu ce zuwa Disamba, amma a Birtaniya tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu, a Ostareliya kuma 1 ga Yuli take farawa. Tsakiyar shekara wata shida ne daga wannan ranar.

Lissafin, da misali

Zan yi amfani da matakan da na tsara domin misali kawai, sai ki maye gurbinsu da naku. A ce 1,000,000 na farko a shekara babu haraji a kansa. Daga nan zuwa 3,000,000 ana cire kashi 15. Daga 3,000,000 zuwa 6,000,000 kashi 20. Duk abin da ya haura 6,000,000 kashi 25.

A ce albashinki 400,000 ne a wata, ana cire 40,000 na fansho, saura 360,000 da haraji ke hawa kansa. A shekara ya kama 4,320,000. Harajinsa shi ne: babu komai a miliyan na farko, 300,000 a kan miliyan biyu na gaba, sai kashi 20 na 1,320,000 da ya rage, wato 264,000. Jimla 564,000 a shekara, 47,000 a wata. Idan takardar watan shida ta nuna an cire 282,000 zuwa yanzu, to ma'aikatar tana kan daidai. Wannan gwajin yana da amfani ƙwarai: idan abin da kika lissafa bai zo kusa da abin da aka cire ba, ko dai jadawalin da ke hannunki ba na bana ba ne, ko akwai wani rangwame da ba ki sani ba, ko sashen albashi yana kuskure. Ki warware wannan kafin ki ci gaba, domin sauran lissafin a kansa zai zauna.

Yanzu sana'ar. A wata shidan farko kin yi aikin 1,500,000. Miliyan ɗaya daga ciki na kamfanoni ne, kuma sun riƙe kashi 5 a matsayin haraji kafin su biya ki, sai 950,000 ya shigo. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Asusun banki zai nuna 1,450,000, amma cinikinki 1,500,000 ne. Wancan 50,000 kuɗinki ne da aka biya wa hukuma a madadinki, za a rubuta shi a cikin ciniki, daga baya a cire shi daga abin da ake bin ki. Wanda ya rubuta 1,450,000 kawai ya rage cinikinsa ba bisa ƙa'ida ba, kuma ya yi asarar ragin 50,000 da yake da haƙƙi a kansa.

Kin kashe 300,000 a kan manhajar zane, intanet, buga samfur da zirga-zirgar zuwa wurin abokan ciniki. Ribar rabin farko ta zama 1,200,000.

Rabin shekara na biyu shi ne wurin da ake buƙatar tunani, domin hasashe ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka rabin farko sau biyu, amma ba na ba da shawararta sai ga wanda cinikinsa bai cika sauyawa ba. Gara ki fara da ayyukan da kika riga kika ƙulla, ki ƙara waɗanda ake kan magana kuma kina da ƙarfin zaton za su tabbata, sannan ki duba yadda bara ta kasance. Idan a bara kashi 55 ko 60 na cinikinki ya zo ne a rabin ƙarshe, babu dalilin zaton bana za ta bambanta. A ce wannan ya ba ki ciniki 1,800,000 da kashe-kashe 400,000, riba 1,400,000, kuma 1,200,000 daga cikin cinikin na kamfanoni ne masu riƙe kashi 5, wato 60,000.

Ribar shekara ta zama 2,600,000. A ɗora ta a kan 4,320,000 na albashi, jimla 6,920,000. Harajin wannan jimlar: 300,000 a mataki na biyu, 600,000 a mataki na uku da yanzu ya cika, sai kashi 25 na 920,000 da ya haura miliyan shida, wato 230,000. Duka 1,130,000. A cire 564,000 da ma'aikata za ta cire kafin shekara ta ƙare, saura 566,000. Wannan shi ne harajin da sana'ar ta jawo, kusan kashi 22 na ribar. Da kin ware kashi 12, da 312,000 kika tara, giɓin ya kai 254,000. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya same ki bara.

Daga 566,000 sai a cire abin da kamfanoni suka riƙe, 50,000 da 60,000, saura 456,000. Shi ne kuɗin da za ki fitar daga aljihunki.

Nawa za ki riƙa warewa daga yau

Ya fi amfani a raba 456,000 ɗin gida biyu, domin rabin farko da na biyu ba su yi daidai ba. Ribar rabin farko, 1,200,000, duk ta faɗa a matakin kashi 20, harajinta 240,000, a cire 50,000 da aka riƙe, saura 190,000. Wannan bashi ne da ya riga ya hau kanki ko da ba ki sake yin aiki ko ɗaya ba. Ribar rabin na biyu kuwa, 480,000 ne kawai zai samu wuri a matakin kashi 20, sauran 920,000 ya tsallaka zuwa kashi 25. Harajinta 326,000, a cire 60,000, saura 266,000. Wato kowane aiki da za ki yi a ƙarshen shekara ya fi na farkonta tsadar haraji, ko da farashinsu ɗaya.

A ce kin riga kin ajiye 100,000. Akwai giɓin 90,000 na baya, ga 266,000 na gaba, jimla 356,000. Idan aka raba wa wata shida, kusan 60,000 ne a wata. Amma tunda kuɗin sana'a ba ya zuwa daidai kowane wata, na fi son a ɗaura abin a kan kowane biya. Kuɗin da kike sa ran zai shigo hannunki 1,740,000 ne, kuma 356,000 ya ɗan haura kashi 20 na wannan. Ni zan ce ki ware kashi 25, wato rubu'in duk kuɗin da ya shigo, a ranar da ya shigo, ki tura shi wani asusu dabam wanda ba ki da katin cire kuɗi a kansa. Ƙarin kashi huɗu ko biyar ɗin shi zai rufe kuskuren hasashe. Idan ya yi saura naki ne.

Yana da kyau ki sake lissafin sau ɗaya da zaton kasuwa ta yi sanyi, domin ki san ƙasan abin. Idan ribar rabin na biyu ta tsaya a 400,000, jimlar kuɗin shiga 5,920,000 ce, ba ta kai mataki na sama ba, harajin 884,000. A cire 564,000 da 50,000, saura 270,000. Kin ga ke nan abin da za a bi ki yana tsakanin 270,000 da 456,000, ko sama da haka idan ayyuka suka yi yawa. Ƙiyasi na gaskiya haka yake, yana da ƙasa da sama.

Abubuwan da ke ɓata ƙiyasin

Na farko shi ne ƙarin kuɗi daga wurin aiki, kuma shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. A ce an ba ki bonas na 500,000 a watan ƙarshe. Sashen albashi zai ga jimlar albashinki ta kai 4,820,000, har yanzu a matakin kashi 20, sai ya cire 100,000. Amma da yake sana'a ta riga ta kai ki sama da miliyan shida, ainihin harajin wannan kuɗin kashi 25 ne, 125,000. Ragowar 25,000 a kanki zai dawo, alhali a takarda kin ga an cire haraji. Ƙarin girma, ariyas da alawus mai haraji duk haka suke yi. Duk lokacin da albashi ya motsa, ƙiyasin ya tsufa.

Na biyu shi ne idan kuɗin gefen shi ma albashi ne, kamar koyarwar yamma a wata makaranta. Idan ma'aikata ta biyu ba ta san da ta farko ba, tana iya sake ba ki kason da ba a cire wa haraji, alhali sau ɗaya doka ta ba kowa shi. A misalinmu, albashi na biyu na 1,000,000 a shekara zai iya fita babu haraji ko kaɗan, amma gaskiyar harajinsa 200,000 ne ko fiye. Wanda ya sauya wurin aiki a tsakiyar shekara ma ya duba wannan, domin sabuwar ma'aikata tana iya fara lissafi daga sifili.

Na uku kashe-kashe ne, kuma a nan son rai yake shiga. Abin da ake yarda a cire shi ne wanda aka kashe domin sana'ar, kuma akwai shaidarsa. Waya da intanet da kike amfani da su a gida da kuma aiki, kason aikin kawai za ki cire, kuma ki zaɓi kason da za ki iya kare shi idan an tambaye ki. Kwamfuta ko na'urar buga takarda, a dokoki da yawa ba a cire kuɗinta duka a shekara ɗaya, ana rarraba shi ne a kan shekaru, duk da cewa wasu ƙasashe suna yarda a cire gaba ɗaya har zuwa wani adadi. Idan kin sayi kwamfutar 800,000 kika cire duka, daga baya ta bayyana rubu'i kawai aka yarda a bana, ribarki ta ƙaru da 600,000, harajin kuma da 150,000 a matakin kashi 25. A ƙiyasin tsakiyar shekara, duk abin da kike shakka a kansa ki bar shi a waje. Idan daga baya ya halatta, sauƙi ne ya zo miki.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ba duk kuɗin da ya shiga asusu ne ciniki ba. Bashin da aka biya ki, kuɗin da kika turo daga wani asusunki, da kuɗin da wani ya ba ki ajiya, duk ki yi musu alama ki fitar da su tun yanzu da kike iya tuna kowanne.

Sai batun harajin da kamfanoni suka riƙe, wanda nake so ki ba shi muhimmanci fiye da yadda girmansa yake nunawa. Hukuma ba za ta rage miki shi don kin faɗa ba. Sai kamfanin ya miƙa kuɗin da sunanki da lambar harajinki, kuma akwai takardar shaida ko ya bayyana a shafinki na hukumar. Yakan faru kamfani ya riƙe amma bai miƙa ba, ko ya miƙa da lambar da ba daidai ba. Watan shida lokaci ne mai kyau na neman shaidar 50,000 ɗin nan, tun ma'aikacin da ya biya ki yana nan kuma bai manta ba. Har sai shaidar ta zo hannunki, ki lissafa kamar ba a riƙe komai ba.

Ranar biya da abin da ke biye da harajin

Sanin adadin rabin aiki ne, saura sanin ranar. Wasu ƙasashe ba sa jiran ƙarshen shekara. A Amurka mai kuɗin shigar da ba a cire wa haraji ba yana biya sau huɗu, a 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba da 15 ga Janairu, kuma ana iya cin tararsa idan ya jinkirta ko da ya biya duka a ƙarshe. Galibi yana tsira daga tarar idan abin da ya biya a cikin shekara ya kai kashi 90 na harajin bana ko kashi 100 na harajin bara, ko kashi 110 ga masu babban kuɗin shiga. A Birtaniya kuma, wanda abin da ake bin sa ya haura fam 1,000, kuma abin da aka cire masa tun daga tushe bai wuce kashi 80 na harajinsa ba, ana neman ya biya kafin alƙalami na shekara mai zuwa, rabi a 31 ga Janairu, rabi a 31 ga Yuli. Sakamakonsa shi ne a karon farko mutum yana biyan harajin shekarar da ta wuce da rabin na gaba a rana ɗaya, wato ɗaya da rabi na abin da ya lissafa. Ki bincika ko dokarku tana da irin wannan tsari, domin idan tana da shi, wani kaso na 456,000 ɗin ma ya riga ya isa biya.

Haka nan a wasu wurare ribar sana'a tana ɗauke da kuɗin inshorar jama'a ko na fansho bayan harajin kansa. A Amurka wannan kaso 15.3 ne cikin 100 a kan yawancin ribar mai zaman kansa, har zuwa wani adadi, kuma shi kaɗai ya isa ya rusa ƙiyasin da bai sa shi a ciki ba. Idan akwai makamancinsa a wurinku, ki lissafa shi dabam ki ƙara a kan abin da za ki ware.

Inda doka ta ba da dama, akwai hanyoyi biyu na rage nauyin ranar ƙarshe. Kina iya neman sashen albashi ya ƙara abin da yake cirewa duk wata, ko ki riƙa biyan hukuma kai tsaye kashi-kashi ki adana rasit. Ta farko ta fi dacewa da wanda ya san kuɗi ba ya zama a hannunsa, sai dai tana iya sa ma'aikata ta gane kina da wata sana'a. Ta biyu ta fi sirri, amma ki tabbatar kowane biya ya shiga da lambarki da kuma shekarar da ta dace. Kada ki zarce ƙiyasin da yawa a kowacce, domin karɓo rarar kuɗi daga hukumar haraji yakan ɗauki lokaci.

Wannan hanyar ta dace da mai albashi ɗaya da sana'a ɗaya a ƙasa ɗaya. Idan abokan cinikinki suna ƙasar waje suna biya da kuɗin waje, ko kin yi wa sana'ar rajista a matsayin kamfani, ko cinikin ya kusa kai adadin da ake wajabta rajistar harajin VAT, ko kin sayar da fili ko hannun jari a bana, kowanne yana da ƙa'idarsa dabam, kuma ya kamata akanta ya duba takardun da idonsa. Haka ma idan sana'ar ta yi asara, domin ba kowace doka ce take yarda a rage asarar daga albashi ba. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki yi lissafin a wannan makon, ki sake shi a ƙarshen wata na tara lokacin da yawancin hasashen ya zama lambobi na gaske, sannan ki daidaita kason da kike warewa a wata ukun da suka rage.